Ta sha maganin awo ba fashi, me ya sa aka haifi yaron da kumburi a baya?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai, don Allah ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu ku taimaka. Ƙanwata ta haihu sati uku da suka wuce, haihuwar fari, namiji. An haife shi da wani kumburi a ƙasan gadon bayansa, ya kai girman lemon tsami, fatar wajen siririya har ruwa na tsattsafowa. Kwanansa biyu aka yi masa aiki aka rufe wajen, amma ƙafafunsa ba sa motsi sosai, kuma kullum ana auna kansa wai kada ruwa ya taru. Wani likita ya ce mata da ta sha folik asid da wataƙila hakan bai faru ba. To ai ta sha! Tun ranar da ta fara awo ba ta taɓa fashi ba, ni ce ma mai tuna mata: 'yar ƙaramar ƙwaya ruwan ɗorawa da kuma jar nan ta ƙarin jini. Yanzu ko abinci ba ta ci, gani take ita ta jawo wa ɗanta. Maganin ne jabu, ko likitan ne ya faɗi son ransa?

Hajiya Babba: Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya, ya raya shi. Ki ce mata ta yi haƙuri, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mu da muka haifi goma goma wace ƙwaya muka sha?

Sista Rabi: Wa alaikumus salam Maman Sadik, sannunku da jinya. Ni ungozoma ce, na daɗe a ɗakin haihuwa. Kafin na ce komai, tambayo min ita abu biyu: yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, kuma yaushe ta fara awo?

Maman Sadik: Na duba katinta. Al'adar ƙarshe 1 ga Maris. Awo kuma satin farko na Yuli ta fara. Kin san cikin fari, kunya take ji, ko ni sai da na ga tana ta tofar da yawu na titsiye ta.

Sista Rabi: To shi ke nan, amsar tana cikin katin. Bari mu ƙirga tare.

Idan al'adarta na zuwa duk kwana 28, cikin ya shiga wajen 15 ga Maris. Abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana fara naɗewa sati uku bayan shigar ciki, wato wajen 5 ga Afrilu, kuma yana gama rufewa a kwana na 28, wajen 12 ga Afrilu. Ita kuwa 29 ga Maris take sa ran ganin al'ada. Ke nan a ranar da aikin ya ƙare, ɓatan watanta bai wuce sati biyu ba. Mata da yawa a lokacin ba su ma yi gwaji ba, suna cewa ko dai latti ya yi. Tayin kansa bai fi ƙwayar dawa girma ba.

Ƙwayar da ta fara sha a Yuli ta zo bayan kusan wata uku da rufe wannan ƙofa. Ta yi mata amfani wajen jini, babu shakka, amma wajen da ya riga ya tsaya a buɗe tun Afrilu ba ta iya komawa ta rufe shi. Maganin ba jabu ba ne. Likitan ma gaskiya ya faɗa, sai dai ya faɗi rabi ya bar rabi, kuma ya faɗa wa mai jego da ba ta warke ba.

Maman Sadik: Innalillahi. Wallahi Sista ban taɓa jin wannan ba, kuma 'ya'yana huɗu. Duk tunanina maganin masu ciki ne, sai an samu ciki ake sha.

Sista Rabi: Ba ke kaɗai ba ce. Mu a asibiti muna raba shi ga waɗanda suka zo awo, su kuma ba sa zuwa sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar. Wadda ya kamata ta ji bayanin tana gida, ba ta da ciki tukuna.

Baban Yusra mai kemis: Gaskiya ne Sista. Shi ya sa ni duk macen da ta shigo shagona ta ce tana neman haihuwa, mai miligiram 5 nake ba ta. Ya fi ƙarfi, ga araha, kuma bitamin ne, abin da ya yi yawa fitsari zai fitar. Da ƙanwar nan ta samu wannan da wuri da lafiya lau za ta haifi ɗanta.

Dakta Zainab: Ina biye da ku tun ɗazu. Baban Yusra, zan dawo kan miligiram 5, akwai magana a kai. Amma jumlarka ta ƙarshe ba za mu iya faɗa wa kowa ita ba, bari na bayyana dalili, don shi ne zai sauke wa yarinyar nan nauyin da ke kanta.

A sati na uku tayi a baje yake kamar faifai. Tsakiyar bayansa sai ta yi kauri, gefe biyu su ɗago, su lanƙwaso, su haɗu a sama su zama bututu. Wanda ya taɓa ganin magina na ɗaga bakan soro daga ɓangare biyu har su haɗe a tsakiya zai gane abin da nake nufi. Haɗuwar tana farawa ne daga wajen da zai zama wuya, sannan ta bi sama ta bi ƙasa kamar ana jan zif. Bakin sama yana rufewa wajen kwana na 25, na ƙasa bayansa da kwana biyu ko uku. Na sama shi zai zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama laka.

Idan bakin sama ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba za su ginu ba, kuma irin wannan jaririn ba ya rayuwa, ko a haife shi babu rai ko ya koma cikin awanni ko 'yan kwanaki. Idan na ƙasa ne, shi ne abin da ya samu ɗan ƙanwarki, likitoci na kiransa sifaina bifida. Ƙashi da fata ba sa iya rufe wajen, sai laka ta zauna a fili cikin ruwan mahaifa har tsawon cikin, jijiyoyin su lalace. Shi ya sa aikin da aka yi masa yana hana ƙwayoyin cuta shiga ne, ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta lalace. Yadda ƙafa za ta yi aiki ya danganta da inda ramin yake: iya ƙasan da yake, iya sauƙin da ake samu.

Ina folik asid ya shigo? Don gefen nan biyu su ɗago su haɗu cikin sati ɗaya tal, dole ƙwayoyin halittar wajen su yi ta rabuwa da sauri. Duk ƙwayar da za ta rabu biyu sai ta kwafi littafin gadon da ke cikinta gaba ɗaya, wanda ake kira DNA. An rubuta littafin da haruffa huɗu, kuma uku daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su sai da wannan bitamin. Idan ya yi ƙaranci, kwafin yana tafiyar hawainiya ko ya fito da kurakurai, ƙwayoyin ba su isa ba, bakan bai kai ga haɗuwa ba. Wa'adin kuma ba a ɗaga shi. Akwai aiki na biyu da yake yi tare da bitamin B12, na sanya wa sassan littafin alamar wanda za a karanta da wanda za a rufe. Masana har yanzu suna muhawara kan wanne daga cikin ayyukan biyu ya fi tasiri a nan. Abin da ba a muhawara a kai shi ne cewa yana ragewa, don an gwada.

Malam Ilu na Maraɗi: Dakta ranki ya daɗe, ni matata shekara uku ba ta samu ciki ba. In na fahimce ki, wannan ƙwaya ce ke sa ciki ya kama? Ni ma in riƙa sha ne?

Dakta Zainab: A'a Malam Ilu, ba maganin samun ciki ba ne. Ita dai ta riƙa sha tun yanzu, don duk ranar da Allah ya kawo ya tarar da shi a jininta. Kai shanka ba ya kare tayin, a jikin uwa ake ginin. Shekara uku kuma ta isa ku je asibiti ku biyu a duba ku, kar ka tura ta ita kaɗai.

Malam Ilu na Maraɗi: To madalla. Na gode.

Hajiya Babba: Dakta 'yata, ni fa ban ƙi taku ba. Amma a zamaninmu zogale, rama, alayyahu, wake, duk muna ci, ba mu san ƙwaya ba. Yaran yanzu sai taliyar leda da lemon kwalba. Su koma cin ganye mana, ai an ce a ganye sinadarin yake.

Dakta Zainab: Hajiya ranki ya daɗe, kina da gaskiya, sunan ma daga kalmar ganye ta Latin aka ɗauko shi, don daga ganyen wani alayyahun Turai aka fara tace shi a 1941. Wake, gyaɗa, kuɓewa, ganyaye, duk suna da shi. Sai dai abu biyu. Na cikin abinci ba ya jure zafi kuma yana bin ruwa. Ki duba yadda muke kwaɗon zogale ko rama: a tafasa, a tsiyaye ruwan, a matse. Kaso mai yawa ya bi rariya. Wanda ya rage ɗin ma wajen rabinsa hanji ke iya ɗauka, alhali na ƙwaya kusan duka yake shiga.

Na biyu kuma shi ne wanda mutane ba su sani ba. Yawancin matan da suka haifi irin waɗannan yara ba su da ƙarancin jini, in an auna su lafiya lau suke. Adadin da ke hana uwa ƙarancin jini daban, adadin da tayi ke buƙata a wannan satin daban, kuma na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba. Mace tana iya cin abinci mai kyau, ta yi ɓulɓul, amma ba ta kai wannan matakin ba.

Hajiya Babba: To mu me ya sa ba mu gani ba?

Sista Rabi: Hajiya, a gafarce ni, an gani. Sau nawa kika ji an ce wance ta haihu abin bai zo da rai ba, ungozoma ta naɗe shi ba a nuna wa uwar ba? Ko a ce jinnu sun taɓa cikin? Ni da hannuna na karɓi irinsu ba sau ɗaya ba, kuma dangi kan roƙe ni kada na faɗa wa uwar yadda yake. Abu ne da ke samun ɗaya ko 'yan ƙalilan cikin haihuwa dubu, don haka mace za ta haifi goma ba ta gamu da shi ba, maƙwabciyarta ta gamu da shi a na fari.

Hajiya Babba: Haka ne kam. Akwai wata kishiyar yayata, Allah ya jiƙanta, an yi haka. Amma dai ni ina nan kan bakana, ganye ya fi.

Ummu Hafsa: Ban so yin magana ba amma bari na faɗa ko wata ta amfana. Cikina na biyu, a wata na biyar aka yi min sikanin, mai yin ya yi shiru ya kira wani. Suka ce kan bai haɗu ba. Na haife ta, ta yi awa shida ta koma. Ranar sallama wata nas ta rubuta min takarda ta ce in sayi mai miligiram 5, in fara sha wata uku kafin mu sake nema. Na bi. Yanzu ina da biyu bayanta, lafiyarsu ƙalau. Abin da nake so na sani Dakta, ƙwayar ce ta yi aiki ko dama can haka Allah ya tsara? Don mijina cewa yake asarar kuɗi ce kawai.

Dakta Zainab: Allah ya sa mai ceto ce, Ummu Hafsa. A kan mace ɗaya babu mai iya cewa ga abin da ya yi aiki, domin ko ba ƙwaya, yawancin masu irin tarihinki lafiya suke haihuwa a gaba. Sai an tara mata da yawa ake ganin bambanci, kuma an tara.

Hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta yi gwaji a ƙasashe bakwai kan mata irinki, waɗanda suka taɓa ɗaukar cikin da ya samu wannan matsala. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su miligiram 4 kullum tun kafin ciki, wasu ba a ba su ba. Sakamakon ya fito a 1991. Cikin kusan 600 da suka sha, 6 ne abin ya maimaita musu. Cikin kusan 600 da ba su sha ba, 21. Raguwar kashi 72 cikin 100 ke nan. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, don ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran.

Amma ki lura da shidan nan. Sun sha, a kan lokaci, mai ƙarfi, kuma abin ya same su. Shi ya sa na ce wa Baban Yusra kada ya ce “da ta sha da lafiya lau”. Maman Sadik, wannan nake so ki kai wa ƙanwarki: ko da ta fara tun kafin aure, babu wanda zai rantse mata cewa ɗanta ba ya cikin kason da ƙwaya ba ta hanawa. Kuma ba a tuhumar mutum da abin da ba a taɓa faɗa masa ba.

Ummu Hafsa: Zan nuna wa maigidan wannan lissafin, shi ɗan kasuwa ne, lamba yake ganewa.

Amarya Fati: Anti Dakta, bikina saura wata biyu. A danginmu ba a taɓa samun irin wannan ba. Ni ma ya shafe ni? Kuma nawa zan sha?

Dakta Zainab: Ya shafe ki ƙanwata, domin mafi yawan yaran da ake haifa da shi a gidajen da ba a taɓa gani ba ake haifarsu. An gwada a kan mata irinki ma. A Hangare a 1992, cikin mata wajen 2,000 da suka sha haɗin bitamin mai folik asid tun kafin ciki ba a samu ko ɗaya ba, a rukunin da ba su sha shi ba aka samu 6. A Sin kuma aka bi mata kusan 250,000 da ƙaramin adadi, maikirogiram 400. A arewacin ƙasar, inda matsalar ta yi yawa, ta sauko daga kusan 5 cikin 1,000 zuwa 1. A kudu, inda dama ba ta da yawa, raguwar ba ta kai haka ba. Wato inda ƙarancin ya fi tsanani, nan ƙwayar ta fi amfani.

Naki shi ne maikirogiram 400, sau ɗaya kullum. A jikin kwali za ki ga `Folic Acid 400mcg` ko `0.4mg`, duk ɗaya ne. Ki fara yau. Dalilin gaggawar shi ne ba ranar da aka sha yake cika jiki ba, a hankali yake taruwa, da wannan adadin yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya kai inda ake so. Mafi ƙaranci wata ɗaya kafin ciki, uku ya fi. Sai ki ci gaba har ciki ya cika sati 12, daga nan ki bi na awo. In kin manta rana ɗaya ki ci gaba washegari, ba sai kin haɗa biyu ba.

Sista Rabi: Ni na rasa gane mu. Amarya za ta yi wata biyu ana gyaran jiki, dilka, halawa, tsumi, kazar amare, a kashe dubbai. Ƙwayar da kuɗinta bai kai na lalle ba babu mai sa ta a lissafi. Da masu gyaran jiki za su riƙa haɗawa da ita da sun fi mu isa ga mata.

Amarya Fati: Hahaha Sista, wallahi gaskiya ne. Amma ni matsalata Umma. In ta ga maganin masu ciki a jakata kafin biki, me zan ce mata? Kashe ni za ta yi.

Hajiya Babba: Ai da gaskiyarta. Ni ma in na gani sai na tambaya.

Sista Rabi: Kar ki ɓoye, ɓoyewar ce za ta jawo zargi. Ki ba ta wayar ta karanta da kanta, ko ki sa yayarki ta saya ta kawo a gabanta.

Baban Yusra mai kemis: Dakta, kin ce za ki dawo kaina. Mai 400 ɗin nan ba kowane shago ke da shi ba, in an samu ma cikin haɗin bitamin mai tsada ne. Mai miligiram 5 kuwa ko'ina akwai. Kuma ga Ummu Hafsa shi ta sha. Mene ne laifina?

Dakta Zainab: Ban ce ka yi laifi ba. Miligiram 5 maikirogiram 5,000 ne, ya ninka na Fati sau goma sha biyu da rabi. Akwai waɗanda shi ne nasu: wadda ta taɓa ɗaukar cikin da ya samu matsalar, ko ita ko mijinta an haife su da ita, mai ciwon suga tun kafin ciki, mai shan maganin farfaɗiya, da mai sikila wadda dama kullum tana sha. Ƙanwar Maman Sadik yanzu ta shiga wannan layi.

Inda nake jin tsoro shi ne bayan wata uku. Daga sati na 13 ake fara ba masu ciki fansida a awo don rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Yadda fansida ke aiki shi ne tana toshe wa ƙwayar cutar hanyar samun irin wannan bitamin ɗin. Idan jinin uwa ya cika da shi saboda miligiram 5 kullum, sai ƙwayar cutar ta same shi daga jinin uwar, maganin ya yi rauni. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa miligiram 5 da fansida, a yi amfani da mai 400, wanda ba ya hana ta aiki. Matar da ka sayar wa ba za ta daina a sati 12 ba, za ta yi ta sha har haihuwa, ba wanda ya gaya mata. Sannan mai yawan yana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ya kawo ya ɓoye shi, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa.

Baban Yusra mai kemis: To in babu mai 400 fa? In ce ta tafi hannu rabbana?

Dakta Zainab: A'a. In shi kaɗai ne, ta sha kafin ciki da watanni ukun farko, ya fi babu. Amma ka gaya mata ta faɗa a wajen awo, a canza mata.

Sista Rabi: Dakta, a canza mata zuwa me? A inda nake aiki sau da yawa mai miligiram 5 ɗin ne kaɗai a sito, shi muke ƙirga wa mata a leda tare da jar ƙwaya, ga fansida a hannu ɗaya. In haɗin nan na ƙarfe da folik asid mai 400 ya zo muna bayarwa, in ya ƙare mu koma gidan jiya. Wasu na cewa a dakatar da ƙwayar sati biyu bayan shan fansida, wasu ba sa yi. Ni kaina ban ga an tsaya a magana ɗaya ba.

Dakta Zainab: Na sani Sista, mu ma muna fama. A rubuce abin a bayyane yake, a sito ne ba a bayyane yake ba.

Baban Yusra mai kemis: Kun ga ke nan ba ni kaɗai ba ne. Zan dai nemo mai 400 ɗin in ajiye, in ya yi kwantai ku za ku saya.

Maman Ihsan: Tunda an ambaci farfaɗiya. Ina shan balfurowet shekara shida, kuma ina shayarwa, yarinyar watanta tara, al'ada ba ta dawo ba. Abin da na karanta a nan ya tsorata ni. In daina maganin?

Dakta Zainab: Kar ki daina da kanki, ko na kwana ɗaya. Faɗuwa da ciki ko da goyo ta fi haɗari. Amma ki je wajen likitanki cikin satin nan. Wannan maganin na cikin waɗanda suka fi jawo matsalar, wajen 1 zuwa 2 cikin 100 na masu ɗaukar ciki a kansa, kuma folik asid ba ya goge haɗarinsa duka. Akwai wasu magungunan da za a iya mayar da ke kansu a hankali kafin ciki. Ki kuma sani ƙwai yana fita kafin jinin farko ya dawo, shi ya sa ake kwanika ba a sani ba. Mai goyo ba ta da ɓatan watan da zai faɗakar da ita, sai ta ji motsi. Ki tambaye shi hanyar tazara, ki fara miligiram 5 kafin nan.

Maman Ihsan: Wallahi ban san ana iya samu kafin a ga jini ba. Gobe in sha Allahu.

Abban Khalil: Ni tambayata, ba a ce ana zuba shi a fulawa ba? Na ji Amurka haka suka yi suka huta.

Dakta Zainab: Sun fara tilasta zuba shi a garin hatsi a 1998, su da Kanada, kuma matsalar ta ragu sosai, a Kanada kusan da rabi. Hikimar ita ce yana isa ga macen da ba ta shirya ciki ba. Ba su huta gaba ɗaya ba dai, har yanzu suna cewa mata su sha ƙwayar. A Najeriya ma ƙa'ida ta ce a zuba a fulawar kamfani. Amma ka tuna tuwon gidanka: masara ko dawa aka auno, aka surfa, aka kai inji. Wannan garin bai bi ta kamfani ba. Burodin safe da ɗan cincin ba abin dogaro ba ne.

Maman Sadik: Na karanta mata duka, ta yi kuka amma ta ci abinci, Allah ya saka muku. Tana da tambaya biyu. Mijinta ɗan baffanmu ne, surukarta ta fara cewa daga ɓangaren uwarmu abin ya fito. Shin auren zumunci ne? Sannan yaushe za ta iya sake ɗaukar ciki?

Dakta Zainab: Gado yana da hannu, shi ya sa wadda ta haifi ɗaya haɗarinta ya fi na sauran mata. Amma ba irin gadon sikila ba ne da za a auna jini a ce ga AS ga AS. Abubuwa da yawa ne ƙanana ke haɗuwa daga uwa da uba duka, su gamu da ƙarancin bitamin, ko suga, ko zazzaɓi mai zafi a satin. Babu gwajin da zai nuna ɓangare ɗaya, balle su da kakansu ɗaya.

Ciki kuma kada ta yi gaggawa, yaron nan zai buƙaci hannunta sosai a shekarar farko. Ta samu hanyar tazara. In sun shirya, miligiram 5 kullum wata uku kafin ta bar tazarar, har sati 12. Ta fara awo da zarar ta ga ɓatan wata, ta faɗi tarihinta da bakinta, a yi mata sikanin wajen sati 12 da kuma tsakanin 18 da 22 a wajen wanda zai duba kai da gadon baya da kyau.

Sista Rabi: Ku kuma sa ido a kan yaron a gida. In maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, ko yana ta amai, ko idanunsa na kallon ƙasa, ko barci ya yi yawa ba ya kama nono, kar ku jira ranar da aka ba ku. Ku tambayi likitocin batun fitsarinsa ma, don mafitsara na cikin abin da jijiyoyin nan ke riƙewa, kuma ƙoda ake karewa.

Maman Sadik: An auna kan yau, sun ce ya ƙaru fiye da yadda suke so, Litinin za su sake dubawa su yanke ko za a sa masa robar da ke janye ruwan. Batun fitsari ba wanda ya yi mana, zan tambaya. Surukar kuma ban san mai iya mata ba.

Hajiya Babba: Ki ba ni ita a waya.